Buhun Wake Arba'in da Suka Zama Tamanin: Nazarin Aikin Daidaita Bayanai na Kubernetes a Damagaram

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana cinikin hatsi da wake da gyaɗa ne a sari, babban ofishinsa yana cikin garin Zinder, yana kuma da mangaza a Magarya da Matamai da Mirya da Tanut. Kowace mangaza tana da ƴar kwamfutarta da ake shigar da buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, babban rumbun bayanai kuwa, wanda yake kan PostgreSQL, yana ofishin Zinder tare da injuna uku da ke ɗauke da Kubernetes, manhajar da ke tayar da shirye-shirye a kan injuna tana kula da su. Abin da ya haɗa rassan da ofishi shi ne `CronJob` guda ɗaya, wato aikin da Kubernetes yake tayarwa bisa jadawali, mai suna `daidaita-mangaza`, wanda yake tashi duk bayan minti 15 ya kwaso sababbin bayanai.

Yadda aka rubuta shirin tun farko ba shi da wuyar ganewa. Yana karanta wata alama a babban rumbu, wato lambar shigarwa ta ƙarshe da aka kwaso daga kowane reshe, sai ya nemi duk abin da ya zo bayan wannan lamba, ya zuba shi, ya ƙara adadin buhunan a kan jimillar mangazar, daga nan a ƙarshen aiki ya matsar da alamar gaba. A ranar da rezo yake da kyau, aikin ba ya wuce minti 4. Wanda ya rubuta fayil ɗin `CronJob` bai saka komai a cikinsa ba sai jadawali da sunan kwantena, wato ƙunshin da shirin yake gudana a ciki, da `restartPolicy: OnFailure`, sauran kuwa ya bar wa Kubernetes zaɓin da ya zo da shi, kuma haka aka yi ta tafiya tun damina ba tare da wani ƙorafi ba.

## Ranar da aiki biyu suka haɗu

Matsala ta farko ta fito ne da kaka, a wata ranar Alhamis, ranar da kasuwar Dole take ci kuma ciniki ya fi yawa. Mai lissafin kamfanin ya ga allon ofishi yana nuna cewa buhun wake 80 sun shiga mangazar Magarya da safe, alhali mai kula da mangazar ya tabbatar masa ta waya cewa 40 ya karɓa, 40 kuma ya shigar.

Ga abin da ya faru. Aikin ƙarfe 10:00 ya tashi a kan lokaci, amma saboda yawan shigarwa da raunin rezo bai gama ba sai 10:22. Da 10:15 ta yi, Kubernetes ya tayar da wani aikin, domin `concurrencyPolicy` idan ba a rubuta shi ba `Allow` ne, ma'ana babu abin da ke hana sabon `Job` tashi ko da na baya bai gama ba. Na biyun ya karanta alama, ya tarar da ita inda take tun kafin 10:00 tun da na farko bai kai ga matsar da ita ba, don haka ya sake kwaso buhunan nan 40 ya ƙara a kan jimilla. Ba wanda ya yi kuskuren shigarwa, kuma babu aikin da ya faɗi; dukansu biyu sun gama lafiya a idon Kubernetes. Shaidar da ake iya gani tana cikin `kubectl get cronjob`, inda layin `ACTIVE` yake nuna 2 a tsakanin 10:15 da 10:22, bayan haka kuma sai dai a duba lokacin farawa da na gamawa na kowane `Job`. A nan ma akwai ƙaranci, domin Kubernetes yana ajiye tarihin aiki uku ne kawai da suka yi nasara da guda ɗaya da ya faɗi, wanda a jadawalin minti 15 bai kai tarihin awa guda ba.

Zaɓi biyu ne suka rage, `Forbid` da `Replace`, kuma an yi muhawara a kansu. `Replace` yana goge aikin da ke gudana ya tayar da sabo, abin da ya dace da aikin da sakamakon baya-bayan nan kaɗai ake so daga gare shi, kamar ɗauko farashin yau. Ga wannan aiki kuwa haɗarinsa a fili yake: aikin da ke buƙatar minti 22 a jadawalin minti 15 ba zai taɓa gamawa ba, za a yi ta kashe shi a tsakiya ana farawa daga farko, kuma bayanan da ke jira suna ƙara taruwa, wanda ke ƙara wa kowane sabon yunƙuri tsawo. Ban da haka, gogewar ba ta faruwa nan take, domin `Pod` ɗin da aka goge, wato mazaunin kwantenar a kan inji, yana da daƙiƙa 30 na sallama kafin a kashe shi da ƙarfi, kuma sabon yana iya tashi a cikin wannan tazara. Saboda haka aka zaɓi `Forbid`, wanda yake hana sabon aiki tashi muddin na baya bai gama ba, ninkin buhuna kuma ya tsaya.

## Shirun da ya biyo baya

Matsala ta biyu ta fi ta farko muni, dalili kuwa shi ne ba ta da alamar da ke jan ido. Wata Juma'a da yamma aikin ya buɗe hanya zuwa kwamfutar Tanut, sai rezo ya katse a tsakiyar karɓar bayanai ta yadda ɓangaren ofishi bai samu labarin katsewar ba. Shirin ba shi da iyakar jira, don haka ya zauna yana sauraron amsar da ba za ta zo ba. A wajen Kubernetes kwantenar tana raye, `Pod` yana `Running`, `Job` yana cikin masu aiki, `Forbid` kuma ya yi daidai abin da aka ɗora masa, ya hana kowane sabon aiki tashi. Har zuwa safiyar Litinin ba wani bayani da ya iso daga ko ɗaya cikin rassa huɗun, kuma an sayar wa wani ɗan kasuwa geron da allo yake nunawa a Matamai alhali ya riga ya fita tun Asabar.

Wanda ya san inda zai duba zai gane nan da nan. `kubectl describe cronjob daidaita-mangaza` yana nuna saƙon `JobAlreadyActive` yana maimaituwa, layin `Last Schedule Time` kuma ya tsaya a kan Juma'a, domin lokacin da `Forbid` ya tsallake ba ya matsar da wannan layi. Sai dai ba wanda yake buɗe waɗannan ranar Lahadi, tsarin gargaɗin da aka kafa kuma yana kuka ne kawai idan wani `Job` ya faɗi.

Akwai wani ƙarin abu da ya kamata mai jadawali gajere ya sani. Kubernetes yana ƙirga lokutan da aka rasa tun daga tashi na ƙarshe, kuma yana da iyaka ta 100. Jadawalin minti 15 yana da lokuta 96 a kwana guda, ke nan tsayawar da ta wuce awa 25 ta isa ta haura iyakar. Tsohon tsarin da ake amfani da shi kafin fitowar 1.21 a shekarar 2021 yakan ƙi tayar da aikin gaba ɗaya idan haka ta faru, sai mutum ya sa hannu. Na yanzu yana rubuta gargaɗin `TooManyMissedTimes`. Ko wanne ne, saka `startingDeadlineSeconds` yana taƙaita ƙirgar zuwa cikin wannan wa'adi kawai, kuma za mu dawo kansa.

A ganina wannan ne jigon lamarin: `Forbid` da babu `activeDeadlineSeconds` a tare da shi gyara ne rabi, domin ya mayar da ɓarnar da mai lissafi yake gani cikin awa guda zuwa ɓarnar da ba a gani sai bayan kwana uku.

## Lissafin wa'adi da sake gwaji

`activeDeadlineSeconds` shi ne iyakar tsawon rayuwar `Job`, daga lokacin da ya fara. Idan wa'adin ya cika, ana kashe duk `Pod` da ke gudana, a rubuta `Job` a matsayin wanda ya faɗi da dalilin `DeadlineExceeded`, hanya kuma ta buɗe wa na gaba. Abu biyu ne ake yawan ruɗewa a kansu. Na farko, akwai fili mai wannan suna a matakin `Job`, akwai kuma a matakin `Pod`, kuma wanda ake nufi a nan shi ne na ƙarƙashin `jobTemplate.spec`. Idan aka saka shi a na `Pod`, kowane yunƙuri ne yake samun wa'adinsa, ba aikin gaba ɗaya ba. Na biyu, wa'adin `Job` ya ƙunshi dukan sake gwaji da jiran da ke tsakaninsu, kuma yana gaba da `backoffLimit`, filin da ke iyakance yawan sake gwaji, wato idan lokaci ya ƙare ba a kallon sauran yunƙuri nawa suka rage.

Wannan ne ya tilasta a zauna a yi lissafi. `backoffLimit` idan ba a taɓa shi ba 6 ne, kuma jiran da ke tsakanin yunƙuri yana ninkuwa: daƙiƙa 10, sai 20, sai 40, sai 80, sai 160, sai 320. Jimillarsu daƙiƙa 630 ce, minti goma da rabi ke nan na zaman jira kawai, ban da lokacin da kowane yunƙuri yake ci. Ga aikin da ake yi sau ɗaya a dare wannan naci yana da ma'ana, amma ga aikin da wani zai zo bayansa nan da minti 15, jadawalin kansa shi ne sake gwaji, kuma nacin `Job` ɗaya ba abin da yake yi sai tare wa na gaba hanya. Aka mayar da `backoffLimit` zuwa 2, wato yunƙuri uku gaba ɗaya da jimillar jiran daƙiƙa 30 a tsakaninsu, abin da ya isa ya shanye ƴar katsewar rezo ta ɗan lokaci. Wa'adin kuwa aka sa shi daƙiƙa 1800, domin mafi tsawon aikin da aka gani ya gama da kansa minti 22 ne, kuma wa'adin da ya gaza haka zai riƙa kashe aikin gaskiya a ranar kasuwa, ya maimaita illar `Replace` ta wata ƙofa.

Sai batun `restartPolicy`, wanda a cikin `Job` zaɓi biyu kawai yake da shi. Da `OnFailure`, kwantenar ce ake sake tayarwa a cikin `Pod` ɗaya a kan inji ɗaya, kuma idan yunƙuri suka ƙare ana goge `Pod` ɗin, rajistar abin da ya faru ta tafi tare da shi. Ma'aikacin da ya zo da safe zai tarar da `Job` mai ɗauke da `BackoffLimitExceeded`, amma `kubectl logs` ba shi da abin da zai nuna masa. Da `Never`, kowace faɗuwa tana barin `Pod` ɗinta a ajiye da rajistarsa, sabon yunƙuri kuma yana samun sabon `Pod` wanda ana iya kai shi wani inji. Kamfanin ba shi da wurin tara rajista na daban, don haka `Never` ne ya dace da shi, kuma aka ƙara `failedJobsHistoryLimit` zuwa 5 don kada faɗuwa ta biyu ta share shaidar ta farko.

Amma `Never` ba ya ceton rajistar `Pod` ɗin da wa'adi ya riska yana gudana, domin shi gogewa ake yi. Shi ya sa aka saka iyakar jira a cikin shirin kansa, kowane reshe yana da minti 6, idan ya wuce shirin ya rubuta sunan reshen, ya ci gaba da sauran, a ƙarshe ya fita da lambar faɗuwa. Rassa huɗu sau minti 6 minti 24 ne, ƙasa da minti 30 na Kubernetes, ke nan a yunƙurin farko shirin ne yake fara tsayar da kansa ya bar bayani, wa'adin waje kuma ya zama kariya ta ƙarshe. An kuma gyara umarnin farawa ya yi amfani da `exec`, saboda idan `sh` ne yake riƙe da matsayi na ɗaya a kwantena, saƙon neman tsayawa na `SIGTERM` yakan tsaya a kansa bai kai ga shirin ba, sai daƙiƙa 30 su wuce a banza `SIGKILL` ya biyo baya.

```yaml
spec:
  schedule: "*/15 * * * *"
  timeZone: "Africa/Niamey"
  concurrencyPolicy: Forbid
  startingDeadlineSeconds: 600
  failedJobsHistoryLimit: 5
  jobTemplate:
    spec:
      activeDeadlineSeconds: 1800
      backoffLimit: 2
      template:
        spec:
          restartPolicy: Never
```

Filin `timeZone`, wanda ya tabbata a fitowar 1.27, ba ya canza komai ga jadawalin minti 15. An saka shi ne don fayil ɗin ya yi daidai da na aikin rufe lissafi na ƙarfe 23:00, wanda a kan injin da agogonsa yake kan UTC zai tashi ne da ƙarfe 12 na dare a agogon Nijar, bayan kwanan wata ya juya.

## Lattin farawa

`startingDeadlineSeconds` ba ya da alaƙa da tsawon aiki, duk da kamannin suna. Yana amsa tambaya ɗaya ce: idan lokacin tashi ya wuce ba a tashi ba, lattin nawa ne har yanzu za a yarda da shi? A Zinder wannan tambaya ta yau da kullum ce, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu da wuta take yawan ɗaukewa. A ce injuna sun mutu da 13:50, sun dawo da 15:07. An rasa lokuta biyar, daga 14:00 zuwa 15:00, amma Kubernetes ba ya biyan bashinsu ɗaya bayan ɗaya. Na baya-bayan nan kaɗai yake dubawa, wato na 15:00, wanda ya yi lattin minti 7. Idan wa'adin daƙiƙa 300 ne, an wuce shi, sai a jira 15:15. Idan 600 ne, aikin zai tashi nan take da 15:07.

Wannan fili yana aiki tare da `Forbid` ta hanyar da mutane da yawa ba sa tsammani. Lokacin da `Forbid` ya hana ba a jefar da shi ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda aka rasa ne. A misalin ranar Alhamis, aikin 10:00 ya gama da 10:22, na 10:15 kuma yana da lattin minti 7, don haka da wa'adin 600 zai tashi da 10:22 ba tare da jiran 10:30 ba. Ga daidaita bayanai wannan abin so ne, tun da a ranar ciniki ne aka fi buƙatar allo ya kamo abin da ke ƙasa. An tsaya a kan 600 saboda lattin da ya wuce minti 10 yana nufin saura ƙasa da minti 5 lokaci na gaba ya yi, kuma babu amfanin tayar da aiki biyu a jere. Kada dai a saukar da lambar ƙasa da daƙiƙa 10, domin aikin yana iya rasa tashi gaba ɗaya. Aikin rufe lissafi na dare kuwa lamarinsa daban ne, tun da rasa shi na nufin rasa kwana guda, shi ya sa aka ba shi wa'adin awa 6.

## Abin da `Forbid` ba ya gani

Bayan duk waɗannan gyare-gyare, ninkin buhuna yana iya dawowa ta hanya biyu, kuma ta farko ta faru. Shugaban kamfanin ya kira ma'aikacin da ke kula da injunan yana neman jimillar Mirya cikin gaggawa, shi kuwa ya ce, "To, Alhaji, bari in tayar da shi yanzu," sai ya rubuta wannan umarni:

```
kubectl create job --from=cronjob/daidaita-mangaza da-hannu-1
```

`Forbid` yana duba jerin ayyukan da `CronJob` ɗin ya tayar da kansa ne kawai. Aikin da aka ƙirƙira da hannu ba ya cikin wannan jeri, don haka bai jira kowa ba, kuma ba wanda ya jira shi.

Hanya ta biyu ta fi ɓuya. Idan inji ɗaya ya yanke daga sauran, misali kebul ɗinsa ya samu matsala, Kubernetes yakan jira kusan minti 5 bayan ya daina jin inji, sannan ya yi umarnin goge `Pod` ɗin da ke kansa, `Job` kuma yana iya tayar da madadinsa a wani inji. Amma umarnin gogewar ba zai isa injin da ya yanke ba, kuma idan hanyarsa ta dawo kafin a kashe tsohuwar kwantenar, shiri biyu ne za su yi rubutu a rumbu na ɗan lokaci, dukansu ƙarƙashin `Job` ɗaya. Masu Kubernetes da kansu sun faɗa a sarari cewa `CronJob` yana iya tayar da aiki biyu a lokaci guda ko ya ƙi tayar da ko ɗaya a wasu yanayi, kuma dole aikin ya zama wanda maimaita shi ba ya canza sakamako.

Saboda haka gyara na ƙarshe a cikin PostgreSQL aka yi shi. Kowace shigarwa tana da sunan reshe da lambarta, aka mayar da waɗannan biyun mabuɗin da ba ya maimaituwa, aka kuma daina ƙara adadi a kan jimilla. Yanzu jimillar ana tara ta ne daga shigarwar kansu duk lokacin da aka nema.

```sql
INSERT INTO motsi (reshe, lamba, kaya, buhu)
VALUES ($1, $2, $3, $4)
ON CONFLICT (reshe, lamba) DO NOTHING;
```

Matsar da alama kuma ya koma cikin `BEGIN` da `COMMIT` ɗaya da zubar bayanan kowane reshe, ta yadda ko dai su shiga tare ko su fasa tare, kuma yunƙurin da ya biyo bayan faɗuwa ba ya sake ɗaukar nauyin rassan da aka riga aka gama. Da wannan, ko aiki biyu sun haɗu, buhu 40 yana nan 40. An ƙara `pg_try_advisory_lock` a farkon shirin don na biyun ya janye maimakon ya ninka nauyi a kan rezon da dama yake da rauni, sai dai wannan makulli yana da nasa sharaɗi. Yana sakuwa ne idan haɗin da ya riƙe shi ya rufe, kuma idan inji ya mutu babu sallama, rumbun yana iya ɗaukar awa biyu kafin ya gane, domin tsarin Linux na asali daƙiƙa 7200 yake jira kafin ya fara binciken haɗin da ya yi shiru. An saukar da `tcp_keepalives_idle` zuwa 60 don kada shirun Juma'a ya dawo ta hanyar makulli.

Janyewar nan ce ta sa aka canza abin da tsarin gargaɗi yake kallo. Shirin da ya tarar da makulli a hannun wani yana fita da lamba 0, Kubernetes kuma yana ɗaukar haka nasara, ya sabunta `lastSuccessfulTime` alhali ba a kwaso komai ba. Don haka yanzu kowane reshe yana da layin da ake rubuta lokacin da aka gama magana da shi lafiya, ko da babu sabuwar shigarwa, kuma idan wannan lokaci ya tsufa da fiye da minti 45 a kowane reshe, saƙo yana zuwa wayar ma'aikacin da ta mai lissafi ɗauke da sunan reshen. Allon ofishi ma yana nuna wannan lokaci a gefen jimillar kowace mangaza, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce ba a yi wa mai saye alkawarin kaya daga mangazar da lokacinta ya wuce awa guda sai an kira mai kula da ita.